Yadda ake gane an cire layi ko an cusa wani a takardar banki ta hanyar bin jerin balas

Idan kaka ta yi, masara ta fara shigowa Tudun Hatsi a nan Gombe, kawuna ba ya iya zuwa ƙauye da kansa. Yana da wakili mai zagaya kasuwannin wajen Kumo da Dukku yana saya masa, kuma akwai asusun banki guda da aka ware domin wannan harka, wakilin ne ke juya shi ta wayarsa. Ƙarshen wata sai ya je bizines santa ya buga takardar bayanin asusun, wadda kowa ke ce wa sitetimen, ya kawo wa Kawu. Ni kuwa aikin akawu nake yi, saboda haka duk takardar da ta ƙunshi lissafi a danginmu, a hannuna take ƙarewa.

Wata ranar Asabar Kawu ya miƙo mini shafi bakwai da aka manne da sitefila, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Kuɗin da ke ƙarshe sun yi daidai da abin da wayarsa ta nuna mini, amma jikina bai ba ni ba."

Na ce, "To Kawu, a ba ni rula da kalkuleta, sai kuma shayi."

Abin da na yi a ranar shi zan bayyana a nan, mataki-mataki. Ba ya bukatar karatun akanta. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa zai iya yi.

Abin da jerin balas yake yi

Ka ɗauka sito ne. Da safe akwai buhu 100. Aka shigo da 20, mai gadi ya rubuta "saura 120". Aka fitar da 35, ya rubuta "saura 85". Aka sake fitar da 10, ya rubuta "saura 75". Idan wani ya zo ya goge layin fitar da buhu 35, littafin zai nuna 120, a fitar da 10, saura 75. Ko yaron makaranta ya san 120 a ɗebe 10 ba ya ba da 75. Layin ya tafi, amma ya bar sawunsa a cikin ragowar da aka rubuta bayansa.

Haka takardar banki take. Kowane layi yana da gidan kuɗin da suka fita, wanda aka rubuta wa `Debit` ko `Withdrawals`, da gidan kuɗin da suka shiga, `Credit` ko `Lodgements` ko `Deposits`, sannan a can gefen dama akwai `Balance`, wato balas ɗin da ya rage bayan wannan layin. Kwamfutar banki ce ke lissafa shi, kuma ƙa'idarta guda ce: balas ɗin layin sama, a tara abin da ya shiga, a ɗebe abin da ya fita, shi ne balas ɗin wannan layin. Ko kwabo ɗaya ba ya kucewa.

Mai goge layi a PDF ko a hoto yakan tsaya ne a kan layin da yake son ɓoyewa. Idan yana son ya ɓatar da sawun gaba ɗaya, dole ya sake lissafa balas na kowane layin da ke ƙasa har zuwa ƙarshen takarda, wataƙila layi ɗari biyu, sannan adadin ƙarshe ba zai ƙara yin daidai da abin da ke cikin asusun da gaske ba. Shi ya sa akasarinsu ke barin jerin balas yadda yake. Wannan ne ma dalilin da ya sa Kawu ya ga kuɗin ƙarshe sun yi daidai: ai na gaske ne, ba a taɓa su ba. A tsakiya ɓarnar take.

Mataki na farko: ka san takardar kafin ka taɓa kalkuleta

Duba kwanan wata na layin farko da na ƙarshe. Yawancin takardun da banki ke bugawa daga tsoho suke farawa su gangaro zuwa sabo, amma wasu manhajojin waya suna sa na baya-bayan nan a sama. Idan takardarka irin wannan ce, daga ƙasa za ka fara ka hau sama. Wanda bai lura da haka ba zai ga kowane layi ya karye, ya tayar da hankalin gida a banza.

Sannan ka ƙirga shafuka. A ƙasan shafi yawanci akwai rubutu kamar `Page 3 of 7`. Ka tabbata babu wanda ya ɓace ko ya shiga gaban ɗan'uwansa wajen mannewa.

Daga nan ka koma saman shafin farko, inda aka rubuta `Opening Balance`, `Total Credit`, `Total Debit` da `Closing Balance`. Kwafe su huɗun a gefe, za mu dawo kansu. Idan kana da takardar watan da ya wuce, balas ɗin rufewarta dole ya zama shi ne balas ɗin buɗewar wannan.

Mataki na biyu: bi layi ɗaya-ɗaya

Ɗora rula a ƙarƙashin layin da kake dubawa domin kada ido ya tsallaka. Buga balas ɗin layin sama a kalkuleta, tara abin da ya shiga ko ka ɗebe abin da ya fita, ka kwatanta da abin da aka buga a gefen dama. Idan sun yi daidai, sa ɗan ɗigo da fensir, ka matsar da rula.

Akwai abu biyu da nake so a kiyaye a nan. Na farko, a kwatanta lambar gaba ɗayanta, tun daga miliyan har kwabo. Ido yana da ƙiwa, yakan duba wutsiyar lamba kawai, idan ya ga ta dace sai ya wuce. Na biyu, idan ka ci karo da layin da bai yi daidai ba, ka yi masa alama, sannan ka ci gaba daga balas ɗin da aka buga a takarda, kada ka ci gaba da naka na kalkuleta. In ba haka ba, duk layukan da ke ƙasa za su yi kamar sun karye, ka kasa gane ko wuri ɗaya aka taɓa ko wurare uku.

Kada kuma a manta da mahaɗar shafuka. Layin farko na shafi na huɗu daga layin ƙarshe na shafi na uku yake ɗorawa. Nan ne wurin da ya fi sauƙin yanke layi, tunda ba ya barin fili a tsakiyar rubutu, kuma nan ne mai dubawa yakan sarara yana juya takarda.

Shafi biyu na farko na takardar Kawu sun tafi lafiya lau. Shafi na biyu ya ƙare da balas na naira 2,418,300.00. Ga abin da ke saman shafi na uku:

| Rana | Bayani | Fita | Shiga | Balas |
|---|---|---|---|---|
| 11/11 | Kuɗi daga mai saye | | 850,000.00 | 3,268,300.00 |
| 11/11 | Biyan masara | 1,200,000.00 | | 2,068,300.00 |
| 11/11 | Cajin turawa | 53.75 | | 2,068,246.25 |
| 12/11 | Kuɗin mota | 95,000.00 | | 1,973,246.25 |
| 12/11 | Cajin turawa | 53.75 | | 1,973,192.50 |
| 13/11 | Cajin turawa | 53.75 | | 1,673,138.75 |
| 14/11 | Kuɗi daga mai saye | | 420,000.00 | 2,093,138.75 |

Ka gwada da kanka kafin ka karanta gaba. Layi biyar na farko sun zauna daidai. A na shida, 1,973,192.50 a ɗebe 53.75 ya kamata ya ba da 1,973,138.75. Abin da aka buga shi ne 1,673,138.75. Duk wutsiyar ta dace, 73,138.75 ɗin nan tana nan daram, lamba ɗaya tak ta bambanta, tara ta koma shida. A takardar da firinta mai ƙarancin tawada ta buga, ni kaina na sa masa ɗigo na wuce, sai da na zo layi na bakwai na ga kalkuletata tana nuna 2,393,138.75 alhali takarda na cewa 2,093,138.75, sannan na koma baya.

Mataki na uku: auna giɓin, ka ji abin da yake faɗa

Gano wurin da lissafi ya tsinke rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka san girman giɓin da kuma ɓangaren da ya karkata. Ɗauki balas ɗin da aka buga, ka ɗebe wanda kai ka lissafa. A nan, 1,673,138.75 a ɗebe 1,973,138.75, takarda ta gaza da naira 300,000 cif.

Idan abin da aka buga ya gaza lissafinka, ɗayan biyu ne: ko wasu kuɗi sun fita an cire layinsu, ko kuma an cusa layin shigar kuɗin da ba su taɓa shiga ba. Idan abin da aka buga ya fi lissafinka, to akasin haka ne: ko kuɗi sun shiga an ɓoye layinsu, ko an cusa layin fitar kuɗin da ba su fita ba.

To yaya za a bambanta cirewa da cusawa? Dubi maƙwabtan giɓin. Layin da aka cusa yana nan a gabanka, kuma adadinsa daidai yake da giɓin, ko dai a kan layin da ya karye ko a wanda ke samansa kai tsaye. Layin da aka cire kuwa ba ya nan, saboda haka ba za ka ga adadin giɓin a kusa ba. A takardar Kawu babu naira 300,000 a sama, babu a ƙasa. Cirewa aka yi.

Sai kuma shaida ta biyu, wadda ta fi burge ni. Cajin naira 53.75 ɗin nan shi ne naira 50 da banki ke karɓa kan turin da ya haura naira 50,000, haɗe da harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kansa. Caji irin wannan ba ya tafiya shi kaɗai, kullum yana bin bayan wani turi ne kamar ɗan akuya da uwarsa. A ranar 11 ga wata akwai turi akwai cajinsa. A ranar 12 haka. A ranar 13 ga caji, babu turi. Wanda ya goge layin ya ɗauke uwar ya bar ɗan. Cajin ma ya gaya mini cewa abin da ya ɓace turi ne zuwa wani banki, kuma ya haura 50,000, wanda ya dace da giɓin.

Shaida ta uku tana cikin lambobin nan huɗu da na ce a kwafe. Balas ɗin buɗewa, a tara `Total Credit`, a ɗebe `Total Debit`, ya ba da balas ɗin rufewa daidai, domin ba a taɓa saman takardar ba. Amma da na tara duk kuɗin fita da ke bayyane a shafuka bakwai ɗin, sai suka gaza `Total Debit` da naira 300,000. Wannan ya nuna mini cewa babu wani layin fita da ya ɓace ban da wannan, ko kuma a ce jimillar abin da aka ɓoye ke nan. Giɓi ɗaya yana iya zama layi biyu ko uku da ke jere aka cire tare, misali 200,000 da 100,000. Takarda ba za ta gaya maka ko guda nawa ba ne, jimilla kawai take bayarwa.

Yadda layin da aka cusa yake kama

Wannan na fi ganinsa wurin masu cewa sun biya alhali ba su biya ba. Mutum ya ɗauki kaya, ya ce ya tura kuɗi, kai ba ka ga alat ba, sai ya turo maka shafin takardar asusunsa a WhatsApp ya ce, "Ga shi nan an cire mini, matsalar bankinka ce." Mu ce shafin ya nuna haka: balas na naira 905,410.00, sai layin turi zuwa gare ka na 640,000.00 da balas 265,410.00, sai layin cire 12,000.00 a POS da balas 893,410.00.

Layin turin shi kansa lafiyarsa ƙalau, domin 905,410 a ɗebe 640,000 ya ba da 265,410. Mai cusawa yakan yi wannan ɗan lissafin don layinsa ya yi kyau. A layin da ke biye asiri ke tonuwa: 265,410 a ɗebe 12,000 ya kamata ya ba da 253,410, amma an buga 893,410. Takarda ta fi lissafi da naira 640,000, daidai adadin layin sama.

Yanzu sa babban yatsanka ka rufe layin turin gaba ɗaya, ka yi kamar ba ya nan. 905,410 a ɗebe 12,000, ka sami 893,410. Jerin ya haɗe sumul. Duk layin da rufe shi ke gyara lissafi, baƙo ne a cikin takardar.

Sai dai akwai wani abin lura, kuma mutane da yawa ba sa tuna shi. Wannan hoton yana iya fitowa ta wata hanya: mutumin ya yi turin da gaske, bai tafi ba, banki ya mayar masa da kuɗinsa, shi kuma ya goge layin mayarwar, wanda yawanci ake rubuta wa `Reversal` ko `RVSL`. Lissafin iri ɗaya ne. Ba za ka iya rantsewa kan wanne ya faru daga takardar kaɗai ba, amma ga mai jiran kuɗinsa amsar guda ce: naira 640,000 suna nan cikin asusun mutumin, ba su bar shi ba.

Akwai wasu siffofi biyu da ya kamata a iya gane su. Idan ka ga layi biyu a jere sun karye, na farko ya fi da wani adadi, na biyu ya gaza da wannan adadin, to lambar balas guda ɗaya ce aka canza ko aka kwafe ba daidai ba, babu layin da ya ɓace. Idan kuma layi uku a jere suka karye, ka tara giɓin ukun ya ba da sifili, to layi biyu ne suka yi musayar wuri. Wannan na biyun yawanci ba laifin kowa ba ne.

Mataki na huɗu: kafin ka ambaci sunan kowa

Karyewar balas alama ce, ba ta kai hukunci ba. Zargin mutum da cin amana a kasuwa abu ne da ba ya gogewa ko an gano ba shi da laifi, saboda haka sai ka kawar da dalilai na gaskiya tukuna.

Mafi yawa shi ne jeranta layuka. Takarda tana da `Trans Date` da `Value Date`, wato ranar da aka yi ciniki da ranar da banki ya ƙirga kuɗin. Wani lokaci ana jera layuka bisa ɗaya alhali an lissafa balas bisa ɗayan, musamman abin da ya faru a rana guda ko a ƙarshen mako. Alamarsa ita ce wadda na faɗa: giɓi da yawa kusa da juna waɗanda ke cinye junansu su koma sifili kafin ranar ta ƙare. Giɓin Kawu bai dawo ba har ƙarshen takarda.

Sai tacewa. Idan wanda ya sauke takardar ya zaɓi a nuna masa kuɗin shiga kaɗai, ko ya nemo sunan mutum ɗaya, jerin balas zai karye kusan a kowane layi. Wannan ba takardar da za a yi aiki da ita ba ce, a nemi cikakkiya.

Giɓi ƙanana su ma yawanci ba sata ba ne. Naira 50, ko 53.75, ko 'yan nairorin saƙon alat, galibi caji ne da aka haɗe cikin wani layi ko firinta ta yanke a bakin shafi. A bi su a gano, amma ba da zafin rai ba. Haka idan asusun ya shiga bashi, balas yakan zo da `DR` ko alamar ɗebewa a gefensa; wanda bai lura ba zai yi lissafin a juye.

Idan takardar ta yi tsawo

Layi ɗari biyar ba aikin rula ba ne. Idan ka sami takardar a Excel, ko ka juya ta zuwa can, sai ka bar kwamfuta ta yi. Mu ce kuɗin fita suna gidan D, na shiga suna gidan E, balas yana gidan F, kuma layin farko yana jeri na 2. Rubuta wannan a G3 ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(F3-(F2+E3-D3),2)
```

Duk inda lissafi ya zauna za ka ga 0. Inda ya karye, giɓin ne da kansa zai fito, da alamar ɗebewa idan takarda ta gaza. A takardar Kawu da zai nuna `-300000` a layin cajin ranar 13. An sa `ROUND` ne saboda kwamfuta takan bar ɗan ɓurɓushin lamba a bayan kwabo, wanda zai sa layi mai lafiya ya ƙi nuna sifili. Idan takardar daga sabo take farawa, a G2 za ka rubuta:

```
=ROUND(F2-(F3+E2-D2),2)
```

Idan ka ga `#VALUE!`, to akwai gidan da ke ɗauke da rubutu maimakon lamba, kamar ɗan layin da wasu bankuna ke sawa a gidan da babu kuɗi, ko `CR` a manne da adadi. Share su tukuna. Kuma duk giɓin da Excel ya nuna, koma kan asalin takardar ka gani da idonka, domin manhajojin juya PDF da hoto sukan tsallake layi ko su karanta 8 a matsayin 3. Na taɓa ɓata rabin yini ina bin layin da ashe manhajar ce ta haɗiye shi.

Mataki na ƙarshe: takarda daga hannun banki

Wannan dabara tana da iyaka. Wanda ya zauna ya sake lissafa kowane balas har ƙasa, jerinsa zai zauna daidai. Wanda ya cire layi biyu masu cinye juna, fitar 300,000 da shigar 300,000 a jere, shi ma ba zai bar giɓi a jerin ba, sai dai jimillar saman takarda ta tona shi idan bai gyara ta ba. Saboda haka rashin giɓi ba ya wanke takarda. Wanda ya sake lissafa balas ɗin kuwa ana kama shi ne da kwatanta balas ɗin rufewa da abin da ke cikin asusun da gaske, da kuma balas ɗin buɗewar wata mai zuwa.

Abin da ke yanke magana shi ne kwafin da bai bi ta hannun wanda ake dubawa ba. Banki ba zai ba ka bayanin asusun wani ba, sai mai asusun ko wanda sa hannunsa ke kai. Hanya biyu ce: ko ku je reshe tare a buga a sa hatimi a gabanka, ko ya buɗe manhajar bankin a gabanka ya sa a tura takardar kai tsaye zuwa imel ɗinka. Wadda aka ce "an yi maka fowad" ba ta wadatar ba. Ka kuma ajiye takardar farko yadda take, kada ka yi mata rubutu da biro, ka ɗauki hotonta, ka yi aikinka a kan kwafi. Idan maganar ta kai gaban shugabannin kasuwa ko hukuma, takardun biyu gefe da gefe su ne hujjarka.

Da na gama na nuna wa Kawu, ya daɗe yana kallon layin cajin nan na ranar 13. Ya ce, "Wato wannan 'yar naira hamsin ɗin ce ta kama shi?"

Na ce, "Ba ta kama kowa ba tukuna, Kawu. Ta dai ce akwai turin da ba mu gani ba. Kada a ce masa komai sai mun ga ta banki."

Ranar Litinin Kawu ya kira wakilin ya ce su je banki tare, yana bukatar takarda mai hatimi. Sun dawo kafin azahar da shafi bakwai. A saman shafi na uku, tsakanin cajin ranar 12 da na ranar 13, ga layin nan: naira 300,000.00, balas 1,673,192.50, zuwa asusun wakilin na kashin kansa a wani banki. Tun a hanya ma ya riga ya fara bayani, wai bashin taki ne ya taso masa, ya yi niyyar mayarwa kafin ƙarshen kaka.

Kawu bai kai maganar ko'ina ba. Ya kira yayan yaron aka zauna a zaure, aka rubuta yarjejeniya cewa za a riƙa cirewa daga la'adarsa har kuɗin su cika. Ni da na so a ƙara bin takardun watanni uku na baya kafin a sa hannu, kuma an bi, ba a sami komai ba. Wakilin yana nan yana saye har yanzu, sai dai takardar asusun ta daina bi ta bizines santa. Ranar ɗaya ga kowane wata take shigowa imel ɗina daga banki, in sa mata lissafin gidan G, in kira Kawu bayan la'asar in gaya masa sifili nawa na gani.